Daga Littafin Aljihu Zuwa Takardar Malam

Ɗalibin ilimin nazarin al'umma da al'adu da aka tura kasuwar dabbobi yakan dawo da littafin aljihu cike da rubutu: wa ya zo, wa ya taya, wa ya ce albarka. Da an ce ya fitar da aikin shafi biyar daga ciki, sai ya kwafe labarin tun daga safe har la'asar ya miƙa. Malam kuwa yakan maido masa da tambaya guda: to, me wannan ya nuna?

Masana uku a Amurka, Emerson da Fretz da Shaw, sun fitar da littafi a 1995 kan rubuta bayanan fagen bincike, kuma hanyar da suka shimfiɗa ta karɓu a jami'o'i da dama. Matakin farko shi ne ɗalibi ya cike guntayen rubutunsa a daren ranar, tun bai manta ba. Sannan ya bi su layi-layi, yana sa wa kowane abu suna a gefen shafi.

A ɗauka wata ɗaliba ta je kara sau huɗu. A rana ta biyu ta rubuta cewa wani mahauci ya sayi rago, ya biya rabi, mai ragon ya dubi dillali, dillalin ya dafa ƙirji ya ce, "Bar shi ya tafi, a wuyana." A gefe sai ta rubuta "bashi" da "lamuni". Da ta gama bin littafin, ta ga "lamuni" ya fito sau bakwai, "rantsuwa" sau ɗaya tak. Ta ajiye rantsuwa, ta tara wurare bakwai ɗin a takarda guda, ta rubuta wa kanta ɗan bayani kan abin da ya haɗa su: duk masu sayen sanannu ne ga dillali, mai dabba kuwa baƙo ne da ya zo daga ƙauye.

A nan ne aikin yake fara zama nazari. Littafin ya ba da shawarar a gina sakin layi da gaɓa huɗu. Da farko a faɗi magana, misali cewa la'adar dillali a wannan kasuwa har da ladan ɗaukar kasadar bashi a ciki. Sai a gabatar da wurin da mutanen a taƙaice. Sai a kawo abin da aka gani yadda aka rubuta shi, da dafa ƙirjin da kalmar "a wuyana". A ƙarshe a yi sharhi a kan wannan guntun kansa: me ya sa mai rago ya dubi dillali bai dubi mahauci ba? Domin wanda zai bi bashi shi ya duba. Sharhin da bai taɓa ko kalma ɗaya daga cikin guntun ba, alama ce ɗalibi ya zo da ra'ayinsa tun daga gida.

Irin wannan karatu ne Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga a 1969. Ya lura cewa mahautan Yarbawa suna karɓar shanun Arewa bashi, kuma masu masaukin fatake Hausawa ne ke tsaya wa cinikin. Daga nan ya bayyana yadda riƙon amana da haɗin kan unguwar suka kare kasuwancin. Ɗalibar za ta iya jingina da shi, ta nuna inda kasuwarta ta yi kama da Sabo da inda ta bambanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa gani da zato. "Mai rago ya ji tsoro" zato ne. "Ya riƙe igiyar bai sake ba har dillali ya sake magana" gani ne, kuma shi mai karatu zai iya aunawa. Na biyu shi ne ɓoye abin da bai dace da magana ba. Idan akwai ranar da dillalin ya ƙi tsaya wa wani sananne, wannan shafin ya fi sauran daraja, domin yana iya nuna cewa sani kaɗai bai isa ba, sai an duba yadda mutum ya biya a baya.

Ziyara huɗu kuma ba ta ba kowa izinin rubuta "Hausawa sukan yi kaza". Abin da ɗalibar ke da hujja a kai shi ne dillalan da ta zauna da su a wannan kara, a wannan lokaci. Kafin ta miƙa aikin, wajibi ne ta canza sunayensu, domin maganar bashi sirrin mutane ce.