Abin da Ke Sa Shafi Ya Ƙi Burauzarka

Mai cike takardar neman aiki ta intanet, ko mai son shiga asusunsa na banki, yakan ci karo da rubutu kamar "Your browser is not supported" ko "Please update your browser". Ma'anarsa shafin ya ce bai yarda da burauzar ba, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome, Firefox, Safari ko Opera Mini. Da yawa sukan ɗauka wayarsu ce ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Shafin ne ya yanke hukunci, kuma hanya biyu ce yake bi: ko ya tambayi sunan burauzar, ko ya gwada abin da ta iya. Sanin wacce ya bi shi ne rabin maganin.

Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauzarka tana aika wa kwamfutar da ke ɗauke da shafin wani layin rubutu da ake kira User-Agent. A cikinsa take gabatar da kanta. Ga irin wanda Chrome ke aikawa daga wayar Android:

```
Mozilla/5.0 (Linux; Android 10; K) AppleWebKit/537.36
(KHTML, like Gecko) Chrome/120.0.0.0 Mobile Safari/537.36
```

Dubi yadda Chrome ta fara da kiran kanta Mozilla, ta ƙare da Safari, alhali ba ita ce ko ɗaya ba. Abin ya samo asali ne tun shekarun 1990, lokacin da burauzar Netscape, mai amsa sunan Mozilla, take tashe. Masu shafuka sukan aika shafi mai kyau ga duk wadda ta ce ita Mozilla ce, saura su samu na jeka-na-yi-ka. Da Internet Explorer ta ga haka, sai ita ma ta sa Mozilla a farkon layinta. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta aron sunayen na gaba da su, har layin ya zama abin da ka gani. Edge ta yau tana ɗauke da duk wannan rubutun, ta ƙara Edg a ƙarshe, Opera kuma ta ƙara OPR.

To, mai shafi yakan rubuta ƙa'ida: a nemo kalmar Chrome a layin, a karanta lambar da ke bayanta, in ta gaza kaza a nuna saƙon ƙin yarda. Shi ke nan. Bai gwada komai ba. Kamar mai ɗaukar direba ne da ya duba lasisi kawai, bai ba shi mota ya ja ya gani ba.

Abin da ya samu Opera a 2009 ya nuna raunin wannan hanya. Lokacin da kamfanin ke shirin fitar da Opera 10, ya gano cewa wasu shafuka lamba ɗaya tak suke karantawa bayan sunan. Daga Opera 1 zuwa 9 babu matsala. Amma da aka kai 10, sai shafin ya ɗauki 1 ya bar 0, ya ɗauka tsohuwar burauza ce ta farkon zamani, ya ce a sabunta. Sabuwa fil, an kore ta da sunan tsufa! Kamfanin bai iya bin kowane shafi ya gyara ba, don haka ya bar Opera/9.80 a farkon layin, ya kai lambar gaskiya can ƙarshe a matsayin Version/10.00. Irin wannan fargaba ta dawo a 2022, da Chrome da Firefox suka kai 100, saboda shafukan da ke karanta lamba biyu kawai za su ga 10. Wannan karon kamfanonin sun yi gwaji tun da wuri, suka sanar da masu shafukan da abin zai shafa.

Layin ma ba gaskiya zalla yake faɗa ba yanzu. Domin rage bin diddigin mutane, Chrome tana rubuta Android 10 da harafin K a madadin ainihin samfurin wayarka, ko da sabuwa ce. Kwamfuta mai Windows 11 kuwa har gobe Windows NT 10.0 take cewa.

Hanya ta biyu ta fi adalci, kuma ita ƙwararru suka fi so. Shafin ba ya kula da suna. Yana tambayar burauzar kai tsaye ko tana da abin da yake bukata:

```
if ("geolocation" in navigator) {
  // burauzar tana iya gano wuri
}
```

Wannan yana duba ko burauzar na iya faɗin inda mai waya yake. Haka ake gwada kyamara, makirfo ko sababbin dokokin JavaScript. In amsar a'a ce, shafin ya ɓoye wannan ɓangaren ko ya nuna gargaɗi. A nan ƙin yardar na da dalili, kuma canja suna ba zai amfana komai ba.

Nan ne Opera Mini, wadda ake ji da ita a ƙasashenmu saboda tsimin data, take yawan faɗuwa. In an sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, ba wayarka ke buɗe shafin ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne suke buɗe shi, su matse shi, su turo maka. Karanta labarai ba laifi, amma shafin da ke bukatar JavaScript ya ci gaba da aiki yayin da kake cike fom ko ɗora hoto, sai ya cije. Rage matakin tsimin, ko komawa Chrome ko Firefox don wannan aikin kaɗai, yakan warware shi.

Ta yaya za ka gane wacce ta same ka? A Chrome, rubuta `chrome://version` a wurin adireshi, za ka ga lambar burauzarka da layin User-Agent ɗinta. Idan lambar ta zamani ce amma shafin na ƙorafi, taɓa ɗigo uku na sama ka zaɓi "Desktop site". Wannan yana canja layin, wayar ta gabatar da kanta a matsayin kwamfuta. In shafin ya buɗe kuma komai ya yi aiki, suna kawai ake dubawa. In ya buɗe amma maɓallan sun ƙi motsi, ko ya tsaya fari fat, to akwai abin da burauzar ta rasa da gaske. Haka nan, in daga cikin Facebook ka taɓa mahaɗin, ƙaramar burauzar da ke cikin manhajar ce ta buɗe shi, kuma Google ba ya yarda a shiga asusunsa ta irinta. Kwafi adireshin ka kai shi cikakkiyar burauza.

Akwai inda sabuntawa ke ƙarewa. Chrome 109, ta Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe ga Windows 7, kuma har yanzu akwai irin waɗannan kwamfutoci a shaguna da ofisoshi. Komai danna maɓallin sabuntawa, ba za ta wuce nan ba. Tsofaffin wayoyin Android ma haka ake yanke musu. A ganina, mai shafin da talakawa ke dogaro da shi, kamar na rajistar jarrabawa, bai kyauta ba in ya kori mutum kan suna kawai ba tare da gwaji ba. Amma kuma burauzar da aka daina yi wa gyaran tsaro ba wurin shigar da lambar sirrin banki ba ce.

Hattara da abu guda. 'Yan damfara suna kwaikwayon wannan saƙon, su sa maɓalli su ce ka sauke sabuntawa daga nan, alhali mugunyar manhaja ce. Burauza ba ta sabuntuwa ta hanyar fayil ɗin da wani shafi ya miƙo maka. A waya, je Play Store ko App Store da kanka. A kwamfuta, buɗe Help sannan About Google Chrome, ita za ta duba ta sauke. Duk shafin da ya ba ka fayil ya ce shi ne sabuntawa, rufe shi.