Tambayar da ke Kan Fam ɗin Inshora

Mu ɗauka wani ma'aikaci a Dutsin-Ma ya sayi mota ta naira miliyan 6, ya yi mata cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motar kanta. Tun daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙayyade kada kuɗin irin wannan inshora ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, ke nan ya biya naira 300,000. A fam ɗin akwai tambaya: me za a riƙa yi da motar? Ya rubuta "amfanin kai". Alhali kuwa duk ranar da ba aiki yana ɗibar fasinja a bakin tasha, ya bi ta Kurfi zuwa Katsina, a samu na cefane.

Wata bakwai bayan haka taya ta fashe kusa da Kurfi, motar ta ƙwace ta faɗa rami. Mai binciken kamfani ya zo ya duba rahoton 'yan sanda, ya ga mutum shida ne a ciki, babu ɗan'uwan mai mota ko ɗaya, kowa kuma ya faɗi abin da ya biya. Kamfani ya ƙi biya.

Dalilin yana cikin yanayin cinikin. Mai sayen sa a kasuwa zai buɗe bakinsa, ya taɓa doronsa, ya sa a zagaya da shi. Kamfanin inshora kuwa haɗari yake saye, haɗari kuma ba a ganinsa, yana cikin abin da mai mota ya sani. Shi ya sa doka ta ɗora wa wannan ciniki cikakkiyar amana, fiye da ta sauran ciniki. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba baƙon wannan ba ne, domin ya san hukuncin ɓoye aibin haja.

Alƙalin Ingila Lord Mansfield ne ya fayyace ƙa'idar a 1766, a shari'ar Carter da Boehm, kan inshorar wani sansanin Turawa a tsibirin Sumatra da Faransawa suka ƙwace. Abin da mutane ke mantawa shi ne mai inshorar ne ya faɗi a shari'ar, saboda alƙalin ya ga abin da ya ce an ɓoye masa, abu ne da ya kamata ya sani ko ya tambaya. Amanar a kan kowa take.

To, wane bayani ne dole a faɗa? Ma'aunin shi ne duk abin da, in mai inshora mai hankali ya ji, zai shafi shawararsa: ya ƙi, ko ya ƙara kuɗi, ko ya gindaya sharaɗi. Launin kujeru bai kai nan ba. Ɗaukar fasinja ya kai, don motar haya ta fi daɗewa a kan titi, ta fi ɗaukar nauyi, kuɗin inshorarta ma daban ne. In aka ɓoye irin wannan bayani, kamfani na iya warware yarjejeniyar tun daga tushe, kamar ba a taɓa ƙulla ta ba. In kuskure ne a kan mayar da kuɗin da aka biya, in kuwa da gangan aka yi ƙarya har su ma suna iya salwanta.

Tsohuwar ƙa'idar ta yi wa talaka tsauri, domin ta ɗora masa sanin abin da ke zuciyar kamfani. Dokar Inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har aka sa hannu a sabuwa a 2025, ta sassauta a sashe na 54: kamfani ya tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne a fam, abin da bai tambaya ba kuma a ɗauke shi mara muhimmanci. A ganina wannan shi ne adalci. Sai dai bai ceci mutuminmu ba, tunda shi an tambaye shi.

Wurin da ya fi damuna shi ne wajen cike fam. Da yawa daga cikinmu miƙa wa ejan muke yi, mu ce "cike kawai in sa hannu". Sashen nan kuwa ya sa a buga a shafin farko cewa ejan da ya taya ka cike fam, a wannan aikin wakilinka ne. In mutuminmu ya ce "ai na gaya masa ina ɗan taɓa haya", maganar tana da amfani a ƙarƙashin wancan sashe, don abin da aka faɗa wa ejan a cikin hurumin aikinsa kamar an faɗa wa kamfani ne. Amma da me zai tabbatar? Ga sa hannunsa a ƙarƙashin "amfanin kai", maganar baki kuma ta bi iska. Da ya sa an karanta masa fam ɗin layi-layi, ya ga an rubuta "haya", ya karɓi kwafinsa ya ajiye, da kuɗin da zai biya ya ƙaru, amma ranar da motar ta faɗa rami da yana da takardar da zai kai ofishin ƙorafi na NAICOM ko gaban alƙali.