Shayi ya zube a kan laftof, bayan kwana huɗu ta ƙi tashi: me ya faru?

Kana cikin aiki, kofin shayi ya kife a kan kibod. Ka goge, ka ga laftof ɗin tana aiki lafiya, hankalinka ya kwanta. Bayan kwana huɗu ka danna maɓallin kunnawa, shiru. Ba ranar ta lalace ba, tun randa shayin ya zube ta fara mutuwa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ruwan yana bi ta ƙarƙashin maɓallai ya sauka a kan babban allon lantarki, wato madabod. Ko an kashe laftof, batirinta na ciki yana ci gaba da bai wa wasu sassan allon wuta. Idan wutar nan ta haɗu da danshi, sai ta riƙa cin siraran layukan tagulla da dalmar da ke riƙe da ƙananan sassa. Shayi da lemon kwalba sun fi ruwa zalla ɓarna, domin sukari yana daskarewa ya riƙe danshi. Ranar da layi ɗaya ya tsinke, ranar ce za ta ƙi tashi.

To, yanzu me za ka yi? Da farko, cire caja, ka daina gwada kunnawa. Duk dannawa ɗaya tana iya tura wuta inda bai kamata ba ta ƙona wani ɓangaren. Kada ka binne ta cikin shinkafa, kada ka shanya ta a rana. Babu wanda zai cire sukarin da ya riga ya manne.

Kai ta wurin mai gyara a ranar, ka gaya masa gaskiya: abin da ya zube, wane gefe, da yaushe. Abu na farko da ya kamata ya yi shi ne cire mahaɗin batiri daga allon. Sannan ya duba da madubin ƙara girma. Alamar tsatsar ita ce fari-fari ko kore-kore kamar gishiri a ƙafafun sassa. Ana wanke ta da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, da burushi mai laushi, a bar allon ya bushe sarai.

Wanki yana tsayar da tsatsa, amma ba ya mayar da tagullar da ta cinye. Wannan sai an yi ɗori ko an sauya sashen. Don haka ka nemi a fara ceto fayilolinka. Idan ma'ajiyar bayanan irin wadda ake cirewa ce, ana iya karanta ta a wata kwamfuta, amma in BitLocker ya kulle ta, sai ka nemo lambar buɗewa, wadda galibi take cikin asusunka na Microsoft. Idan kuwa a manne take da allon, kamar a sababbin MacBook, kada ka yarda a sauya allon kafin a kwashe bayananka.