Koyar da Zane Mai Motsi: Daga Takarda zuwa Waya

Malami ya raba darasin kashi biyu. Ranar farko kowane ɗalibi ya samu ƙananan takardu 24 ya ɗaure gefe ɗaya, ya zana ƙwallo mai tsalle. A fara daga shafin ƙarshe, domin zanen ƙasa ya riƙa bayyana ta cikin takardar da ke samansa. A kowane shafi a ɗan gusar da ƙwallon, idan ya taɓa ƙasa a ɗan baje shi. In motsin yana fizga yayin kaɗa shafukan da babban yatsa, tazarar ta yi yawa.

Rana ta biyu a maimaita zanen a manhajar FlipaClip, a saita hoto 12 a daƙiƙa ɗaya. Hotuna 24 za su ba da motsin daƙiƙa biyu.