Layukan Marayu: Abin Dubawa Kafin A Koma Aiki Bayan Saba Ta Faɗi

Idan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, ta mutu ana tsakiyar aiki, dawowarta ba ya nufin komai ya koma daidai. A ce wata makaranta tana amfani da MySQL, tana da tebur biyu. Teburin `dalibai` yana ba kowane yaro lamba, shi kuwa teburin `biya` ba ya rubuta suna, lambar yaron kawai yake ajiyewa tare da kuɗin da aka biya masa.

Wuta ta ɗauke da hantsi, teburin ɗalibai ya lalace, sai aka maido da shi daga kwafin daren jiya, wanda ya tsaya a lamba 840. To amma da safiyar nan an yi wa yara shida rajista, daga 841 zuwa 846, kuma an karɓi kuɗinsu. Rasit shida na nan a teburin biya, masu su kuwa babu. Waɗannan su ne layukan marayu.

Yawanci akwai ƙa'idar `FOREIGN KEY` da ke hana rubuta biya ga lambar da babu ita. Sai dai kwafin da `mysqldump` ya yi yakan kashe wannan tsaro yayin lodi, kuma idan ya sake kunna shi, MySQL ba ya komawa ya binciki abin da ya riga ya shiga. Dole mutum ya nema da kansa:

```sql
SELECT b.* FROM biya b
LEFT JOIN dalibai d ON d.id = b.dalibi_id
WHERE d.id IS NULL
  AND b.dalibi_id IS NOT NULL;
```

Umarnin yana ɗaukar kowane biya ya nemo mai shi, sannan ya fito da waɗanda aka rasa. A nan shida za su fito.

Dalilin da ya sa ake yin wannan kafin a bar ma'aikata su shiga shi ne, kwafin ya mayar da ƙirgen lambobi baya. Yaron da aka yi wa rajista na gaba zai karɓi 841, ya gaji kuɗin wani. Daga nan umarnin ba zai ƙara ganin matsalar ba, tunda lambar ta sami mai ita. Abin da zai tona asiri shi ne lokaci: biyan da ya riga rajistar mai shi.

Kada a yi gaggawar goge marayun, domin su ne shaidar cewa kuɗi sun shigo. A fara ɗaukar kwafin rumbun yadda yake. Sannan a ɗauko fom ɗin rajista na takarda, a sake shigar da yaran shida, kowa da ainihin lambarsa. A maimaita binciken a duk teburin da ke ɗauke da lambar ɗalibi, kamar na jarrabawa da na halarta. Sai kowanne ya dawo ba layi ko ɗaya za a buɗe wa akawu ya ci gaba da karɓar kuɗi.