Yadda Ake Rubuta Tallar Ɗakin Haya Daga Hotuna

Yawancin malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da masu yi wa ƙasa hidima da ake turawa ƙananan hukumomi sukan nemi masauki kafin su iso. Mai gida yakan ɗauki hotunan ɗaki da wayarsa, ya tura wa dillali ko wani ɗan'uwa domin a rubuta talla. Sau da yawa mai neman ɗakin yakan biya kafin alƙalami bisa abin da ya karanta, kuma idan ya iso ya tarar da saɓanin haka, sai magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali. Saboda haka muke jan hankalin jama'a ga ƙa'ida guda: a rubuta abin da ido ya gani a hoton kawai.

Hoto yana nuna cewa abu yana nan, amma ba ya tabbatar da cewa yana aiki. Ganin fanka a silin ba shaida ba ce ta samun wutar lantarki, haka kuma ganin kan famfo ba ya nufin ruwa yana zuwa. Don haka daidai ne a rubuta "akwai fanka ɗaya a silin", amma kuskure ne a rubuta "akwai wuta da ruwa".

Bari mu ɗauki misalin ɗakin da aka turo hotunansa guda uku. An ɗauki na farko daga bakin ƙofa, inda ake ganin daɓen tayil da taga ɗaya mai gilashi da ƙarfen tsaro, ba tare da ragar sauro ba. Idan muka ƙirga tayil ɗin za mu sami 9 a faɗi da 10 a tsawo. A nan ne mutane da yawa sukan yi gaggawar faɗin girman ɗaki, alhali tayil iri-iri ne. Idan mai santimita 30 ne, faɗin ɗakin mita 2.7 ke nan, idan kuwa mai santimita 40 ne, ya kai mita 3.6. Bugu da ƙari, kyamarar waya takan sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar mai yalwa, musamman idan an tsaya a kusurwa. Abin da ya dace shi ne a rubuta adadin tayil, a bar maganar mita har sai an auna.

Hoto na biyu yana nuna fankar silin, ƙwan lantarki ɗaya, makunni da soket biyu, ɗaya daga cikinsu murfinsa ya fashe. Sai a ƙirga su a rubuta, a kuma ambaci fashewar.

Hoto na uku ya fi buƙatar lura. A kusurwar silin akwai tabo mai ruwan ƙasa, sannan fenti ya ɓaɓɓake a gindin bango. Irin wannan tabo yakan biyo bayan yoyon kwano, ɓaɓɓakewar fenti kuwa takan zo ne daga danshin da ke tasowa daga ƙasa. Sai dai hoton bai nuna ko an riga an gyara rufin ba, kuma idan da rani aka ɗauke shi, komai zai bayyana a bushe. Saboda haka kada a rubuta "ɗakin yana yoyo", domin hakan na iya zama zalunci ga mai gida, kada kuma a ɓoye tabon, domin hakan cutar da ɗan haya ne. A faɗi tabon da wurin da yake.

Ga yadda tallar za ta kasance:

"Ɗaki ɗaya na haya. Daɓen tayil ne, tayil 9 a faɗi da 10 a tsawo. Taga ɗaya mai gilashi da ƙarfen tsaro, babu ragar sauro. Akwai fankar silin, ƙwan lantarki, makunni da soket biyu, ɗaya murfinsa ya fashe. Akwai tabon ruwa a kusurwar silin, kuma fenti ya ɓaɓɓake a gindin bango ɗaya. Hotunan ba su nuna bangon da ƙofa take ba, ba su kuma nuna banɗaki ko wurin girki ba."

Jumlar ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin ita ce ke nuna wa mai neman ɗaki tambayoyin da zai yi. Kuɗin haya, samun ruwa da yadda ake biyan kuɗin wuta, duk bayanai ne da sai daga bakin mai gida za a ji su, don haka a rubuta su daban, a kuma nuna cewa shi ne ya faɗa.

A ƙarshe, muna shawartar dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da ake neman su shaida yarjejeniyar haya, da su buƙaci a ajiye hotunan da tallar tare da ranar da aka ɗauke su. Ranar da ɗan haya zai tashi, waɗannan ne za su bambance ɓarnar da ya tarar da wadda ta faru a hannunsa.