Hoto Ya Nuna Tabo, Mai Kaya Ba Ta Ce Uffan Ba

Ciniki da yawa a Kantin Kwari yanzu ta waya ake ƙulla shi. Mace tana Gusau za ta zaɓi atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi, a kai kayan tasha a damƙa wa direba. To, a ce turmi ya isa, ta ɗauki hoto ta turo wa mai shago da "Saƙo ya iso, na gode," alhali ga tabon manja ɓaro-ɓaro a gefen atamfar.

Wasu 'yan kasuwa sai su ce tunda ba ta yi magana ba, shi ke nan. Kuskure ne babba. Mutanenmu suna da kara da kawaici. Sau da yawa hoton shi ne ƙorafin, kunya ce ta hana a furta. Idan ka yi gum, ba za ta yi rigima da kai ba, amma ka yi sallama da cinikinta, har da na ƙawayenta.

Kafin ka rubuta komai, ƙara girman hoton ka duba. Idan leda ta yage kuma tabon yana kan ninkin waje, a hanya abin ya faru, wataƙila an jingina kayan da jarka a but. Idan kuwa leda lafiya lau take, zane ne ya goce ko launi ya zuba, to daga kamfani aibin ya taho, kai ne ba ka warware yadi shidan ka duba ba. Ko wanne ne, ita dai ba ruwanta.

Saƙon kuma ya zama gajere, a ranar, kuma tsakaninku, ko da a bainar jama'a ta sa hoton:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yini. Na ga hoton, na gode ƙwarai. Sai dai na lura akwai tabo a gefen atamfar, ba haka muka so ta iso miki ba. Don Allah ki yi haƙuri. In kin amince, gobe zan aiko da wani turmin, kuɗin mota a kanmu. In kuma kin fi son kuɗinki, yau zan mayar miki."

Lura, shi ya fara ambaton tabon, don ya ɗauke mata nauyin faɗa. Bai ɗora wa direba laifi ba, domin ba da direba ta yi ciniki ba. Bai kuma roƙe ta ta goge hoton ba, wanda hakan zai nuna sunansa ya dame shi fiye da asararta.

Mai yiwuwa ta ce, "Haba Alhaji, ba komai, a bar shi." Kada ka yi caraf ka karɓa, galibi kara ce. Sake yi mata tayin sau ɗaya. In ta dage, rage mata wani abu a ciniki na gaba, ka kuma gaya mata dalili. Sannan ka umarci yaran shago su riƙa naɗe kayan tasha da leda biyu.